Ranar da Labaran Maƙeri Ya Kira Sunan Surukinsa

Duk wanda ya san Karare a shekarun da kuɗin mai suka fara kawo rediyo da kekuna masu sheƙi ƙauyuka, to ya san maƙerar Labaran. Tana bakin hanyar Batsari, a gindin wata tsamiya, kuma tun kafin ka hango hayaƙinta za ka ji ƙarar guduma. Shi kansa Labaran gajere ne, mai kaurin damtse, maganarsa ba ta cika cokali ba. In ka kawo masa fartanya ka ce gobe kake so, sai ya ce jibi, kuma jibin ne, ko kai ɗan wane ne.

Ubansa maƙeri ne daga Zakka. Cin rani ya kawo shi da zuga-zugi a kafaɗa, ya ga garin ba maƙeri, ya zauna. Da ya rasu ya bar wa Labaran guduma da awartaki da kyakkyawan suna, amma ko taku ɗaya na gona bai bar masa ba. Labaran ya kai shekara ashirin kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Ya iya karatu, ya iya rubutu, sai dai yadda yake riƙe fensir kai ka ce ƙarfe zai huda, har malamin ajin ya riƙa ba shi takarda biyu a haɗe don kada ya ɓula ta ƙasa.

Ya auri Zinariya, 'yar Armaya'u, tun Armaya'un bai je Makka ba. Mutane sun yi ta surutu a kan manomi mai gonaki biyar ya ba maƙeri 'ya, amma ita ta ce shi take so, uban kuma ya yi abin kirki, ya ba da ita, ya kuma ba Labaran aron gona a jigawar yamma da gari. Gonar a lokacin ta gaji, ƙuduji kawai take haifa. Shekara goma sha ɗaya Labaran yana yi mata hidima. Kowane rani abokinsa Yero, Bafulatanin da ya daɗe da zama a gefen gari, yakan sauke shanunsa a cikinta su kwana su yi taki. Har ta zama gonar da matafiya ke tsayawa su kalli geronta. Da ita yake ciyar da Zinariya da 'ya'ya biyar, don ƙira aikin damina ce, da kaka ta wuce sai wuƙaƙe da 'yan gyare-gyare.

Ladabin da yake yi wa surukin nan nasa kuwa, har misali ake yi da shi. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba. Baba yake ce masa. Akwai wani mai sayar da goro a kasuwar Batsari, shi ma Armaya'u, Labaran bai taɓa kiransa da komai ba sai "mai sunan Baba".

Bayan babban farin nan da ya kashe shanu, manoman Karare talatin da huɗu suka kafa Kulob ɗin Garma. Suna noma gonar gayya tare, su sayar da abin da ta ba su, da haka suka mallaki bijimai biyu da garma ɗaya da za ta riƙa zagaya gonakinsu. Jami'in raya karkara ya yi masu rajista, ya taimaka masu suka rubuta dokokin kulob, ya ce kada a ajiye kuɗin jama'a a tukunya, a kai banki a Katsina. A can aka buɗe masu littafin ajiya, aka ɗauki sa hannun mutum uku: shugaba Alhaji Armaya'u, sakatare Daudu, da ma'aji Labaran. Sharaɗin da aka rubuta shi ne ba a fitar da ko kwabo sai da hannun shugaba da na ɗaya daga cikin biyun, da hatimin kulob a kai. An ba Labaran ma'aji ne don ya iya rubutu, kuma don kowa ya san ba ya lanƙwasuwa.

Shekara uku garma tana fara aiki daga gonakin Alhaji, ta wuce na ƙannensa, ta koma na 'ya'yansa. Kafin ta iso ga talaka lokaci ya ƙure, ya riga ya yi huɗa da hannu. Aka ce to a ƙara bijimai biyu da garma, tunda akwai abin saye a banki. Alhaji ya ce a dakata, ya ji gwamnati za ta kawo tarakta. Aka dakata shekara guda, tarakta ba ta zo ba. Da lokacin zaɓe ya yi, mutane suka gama shawara a gindin bishiyoyi cewa Yero za su ba, don ya san shanu, kuma ba shi da ƙane a cikin kulob.

To, amma wa zai dubi dattijo, Alhaji, wanda ya ciyar da rabin gari lokacin fari, ya ce masa an sauke shi? Ba wanda ya iya. Sai suka yi dabara irin tasu. Ranar zaɓe, a ajin firamare, Daudu ya miƙe ya ce jama'a sun ga Alhaji ya fi ƙarfin wahalar shugabanci, sun ɗaga shi zuwa Uban Kulob. Aka yi kabbara. Sannan aka ce Yero zai riƙa kula da al'amura, aka ɗaga hannu, aka yi fatiha. Alhaji ya yi murmushi, ya sa albarka, ya tafi gida da hatimin kulob a aljihun rigarsa. Kowa ya ga tudun hatimin a aljihu, kowa ya kau da kai.

Saura wata biyu ruwa ya sauka, sababbin bijimai kuwa suna son horo kafin su ja garma. Aka ce ma'aji ya rubuta wa banki. Labaran ya ɗora takarda a kan wani faifan ƙarfe, ya rubuta cewa kulob ya yi zaɓe, ana roƙon manaja ya karɓi hannun Yero a madadin na babbanmu. Da ya zo wurin suna, fensir ya tsaya. Ya bar shi a babbanmu. Ya karɓi kwafin bayanin taro daga Daudu, shi da Yero suka hau keke zuwa Batsari, suka shiga motar Katsina.

"Kai, baƙin maƙeri, riƙe takardar nan da kyau," in ji Yero, yana riƙe da ƙarfen mota. "Kada ka shafa mata gawayi su ce daga murhu muka fito."

"Ɗan Fillo, ka yi ta kanka. Wurin da za mu ba a shiga da sanda, kuma ba a sayar da nono."

Tsakanin maƙera da Fulani wasa ne tun kaka da kakanni, su biyun kuwa ba su taɓa barin rana ta faɗi ba su yi shi ba.

A Katsina wani mai buga wasiƙu a bakin gidan waya ya juya takardar zuwa Turanci, Labaran ya sa hannu. Suka shiga banki, suka yi layi, har suka iso gaban wani akawu siriri mai tabarau, Malam Sammani. Ya karanta wasiƙa, ya karanta bayanin taro, ya ɗauko katin da ke ɗauke da sa hannunsu, ya jera su a kan kanta.

"Malam ma'aji, wane ne babbanmu?"

"Shi ne dai shugaban da."

"Ba shi da suna?"

Labaran ya nuna katin da yatsa. "Ga shi nan a rubuce."

"Na gani a kati. A wasiƙarka nake nema. Banki ba ya cire hannun mutum da ishara." Ya tura tabarau sama. "Bar ma wannan. Bayanin taronku cewa ya yi an ƙara wa Alhaji Armaya'u girma. Ina aka ce ya sauka? Ina aka ce an zaɓi wannan bawan Allah shugaba? Kula da al'amura ba muƙami ba ne a dokokinku, ga kwafinsu nan a fayil. Ni da na karanta, Alhaji yana nan daram, har an ƙara masa rawani."

"Amma kowa a Karare ya san an canza."

"Manaja ba ɗan Karare ba ne."

Yero ya leƙo ta kafaɗar Labaran. "Malam, mu fa kunya muka ji."

Akawun ya yi dariya, amma ba ta wulaƙanci ba. Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, ya san abin. Sannan ya lissafa masu abin da ake bukata. Wasiƙa mai faɗin sunan wanda za a cire da wanda za a sa, ɗauke da hannun waɗanda banki ya riga ya sani, har da shi mai saukar. Bayanin taro mai faɗin ƙudurin da aka yanke ƙarara. Hotuna biyu na sabon shugaba, kuma ya zo da kansa ya dangwala yatsa a sabon kati a gaban ma'aikaci.

"In mai saukar ya ƙi sa hannu fa?" in ji Labaran.

"To sai ku sake kiran babban taro yadda dokarku ta ce, a sanar da shi, a faɗa a fili, a ƙirga hannu. Jami'in da ya yi maku rajista ya halarta ya shaida. Kai da sakatare ku sa hannu a wasiƙa. In hatimi ba ya hannunku, taron ya soke shi a rubuce, ku yanko sabo. Da wannan manaja zai duba. Kafin nan, kuɗinku suna nan lafiya, sai dai ba mai taɓa su sai da Alhaji."

Kafin su dawo labarin tafiyarsu ya isa kunnen Alhaji, don Daudu ɗan ƙanwar Alhaji ne, kuma cikinsa ba ya riƙe magana. Washegari Labaran ya tura dattawa biyu su roƙi Alhaji ya sa hannu. Alhaji ya karɓe su da fura, ya ce shi bai san an sauke shi ba, abin da ya sani an ce shi uba ne, uba kuwa ba a raba shi da makullin rumbu. Wanda ya ce an sauke shi, ya zo ya faɗa masa. Dattawa suka shanye fura suka dawo.

Da la'asar aka aiko kiran Zinariya gidansu. Ba ta daɗe ba ta dawo, ta sami Labaran a maƙera yana wasa bakin garma. Ta tsaya har ya ajiye guduma.

"Malam, Baba ya ba ni saƙo."

"Ina ji."

"Ya ce a gaya wa maƙeri, gonar jigawa aro ce. Ya ce in ka sake ɗaukar takarda zuwa Katsina a kansa, to ka nemi inda za ka shuka bana."

Labaran ya dubi wutar maƙera. Takin bana ya riga ya shiga gonar nan, shi ya kwashe shi da mangala, jaki bayan jaki. Irin gero yana rataye a rumbu.

"Ke mi kika ce masa?"

"Mi zan ce? Ubana ne. Na ce to." Ta gyara goyo. "Amma kai ba ubana ba ne, don haka kai zan gaya maka. Ku maza talatin da huɗu, da gemunanku, kun rasa mai faɗin magana ɗaya, kun je kun naɗa masa rawanin ƙarya. Da kun gaya masa gaskiya tun ranar, da ya yi fushin kwana uku ya huce. Yanzu kun mai da shi abin dariya, shi kaɗai ne bai sani ba, ko ya sani yana jiran ya ga iyakarku."

"In na faɗa, gona ta tafi."

"Na sani. Ni ke daka geron."

"To?"

"To mi? Ni ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Abin da ba na so, in ji ana cewa mijina ya riƙe amanar mutane har ranar da aka taɓa tuwonsa."

Ta juya ta tafi, ta bar shi da garwashi.

Kwana biyu 'yan kulob suna zuwa maƙera ɗaya bayan ɗaya, kowa da tsohuwar fartanyar da ba abin da ya same ta. Wani ya ce a haƙura bana, baɗi Allah ya kawo sauƙi. Wani ya ce a bar Alhaji da hannunsa a banki, Yero ya riƙe suna. Wani ma cewa ya yi tunda Labaran ya san yadda Alhaji ke sa hannu, ai dare ɗaya ya isa. Wannan kam, fartanyarsa kawai Labaran ya jefa masa waje. Yero kansa ya zo, ba wasa a bakinsa, ya ce shi zai janye, bai ga shugabancin da zai raba mutum da gonarsa ba.

"Wa ya ce don kai nake yi?" in ji Labaran. "Mutane sun ɗaga hannu, ni na ƙirga. In hannun da suka ɗaga ba komai ba ne, su karɓi littafinsu, in koma ƙirata. Amma ina ma'aji ba zan rubuta wa banki ƙarya ba, ba kuma zan zauna bijimai su ƙare a gonar gida ɗaya shekara ta biyar ba. Ka je ka ɗauki hoto. Ka wanke fuska tukuna."

Dokar kulob ta ce a ba da sanarwar kwana bakwai. Labaran ya rubuta, ya sa Daudu ya sa hannu yana gumi, aka yi shela bayan sallar Juma'a, aka kai wa Alhaji tasa har gida. Ya hau keke ya je ya samo jami'in raya karkara, ya ce masa ya zo ya ga abin da idonsa. A kwanakin nan kullum da safe yakan bi ta jigawa, ya tsaya a bakin gona, ya wuce.

Ranar taro ajin ya cika, har da waɗanda ba 'yan kulob ba a tagogi. Jami'in ya jingine babur ɗinsa, ya zauna a kujerar malami. Alhaji ya zo da babbar riga, aka shimfiɗa masa buzu a gaba. Aka buɗe da addu'a, aka yi gaishe-gaishe har suka ƙare, aka sake wasu. Jami'in ya dubi agogo.

"To, wa zai gabatar da ƙudurin?"

Daudu ya duƙufa a kan littafinsa kamar ya ga kunama a ciki. Dattawa suna jan carbi. Yero ya ja hularsa har gira.

Labaran ya tashi. Takalmansa suna waje tun da ya ga surukinsa. Ya zo gaba, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce, "Baba, barka da yamma. A gafarce ni." Sannan ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi a gabansa ba, ya warware takarda. Ya fara karantawa.

"Wannan ita ce wasiƙar da zan kai in taro ya yarda. Zuwa ga manajan banki, Katsina. Bayan gaisuwa, ni Labaran, ma'ajin Kulob ɗin Garma na Karare, ina sanar da kai cewa babban taronmu ya yi zaɓe. Ya sauke shugabansa na da, Alhaji Armaya'u."

Wata tsohuwa a taga ta ce, "Innalillahi!" Wani ya yi salati. Labaran bai ɗaga kai ba.

"Ya zaɓi Yero a matsayin shugaba. Muna roƙo a cire hannun Alhaji Armaya'u daga littafin ajiyarmu, a sa na Yero. Hannun sakatare da na ma'aji suna nan yadda suke, sharaɗin fitar da kuɗi ma haka. Tsohon hatimi an soke shi. Ga bayanin taro haɗe da wannan. Wassalam."

Ya naɗe takarda. Sau biyu ya kira sunan, kuma duk wanda ke wurin ya ƙirga.

Alhaji ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Maƙeri, sunana ne a bakinka?"

"Shi ne, Baba."

"Saƙona ya iso maka?"

"Ya iso."

"Ka kuwa fahimce shi?"

"Na fahimta, Baba. Gonarka ce, ba ni da ja. Amma kulob ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Mun yi maka laifi da muka ɓoye maka ranar farko, ni ma ina ciki. Yau na faɗa."

Alhaji ya juya ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. "Ku fa? Ku da kuka ci dawata lokacin fari, maƙeri ne bakinku?"

Jami'in ya ce to a ɗaga hannu, masu goyon bayan abin da aka karanta. Na ɗan lokaci hannun Labaran ne kaɗai a sama, baƙi ƙirin da gawayi. Sai wani tsoho mai gona a can ƙarshen gari, wanda garma ba ta taɓa isa wurinsa ba, ya ɗaga nasa yana kallon ƙasa. Sai na kusa da shi. Haka suka riƙa tashi, kowa kansa a sunkuye, hannunsa a sama, har jami'in ya ƙirga ashirin da bakwai. Ya ce wa Daudu ya rubuta adadin, ya rubuta "an sauke" da "an zaɓa" yadda aka faɗe su, ya karanta wa jama'a. Daudu ya karanta da murya kamar ta mai zazzaɓi. Jami'in ya tambayi Alhaji ko zai sa hannu a wasiƙar. Alhaji ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya ce a naɗe masa buzunsa. Ya fita da hatimin a aljihu.

'Yan kulob suka dangwala yatsu a takardar halarta, jami'in ya sa hannu ya buga hatimin ofis. Daudu ya riƙe biro ya tsaya a kan wasiƙar.

"Kawuna ne fa, Labaran."

"Ni surukina ne. Sa hannu."

Ya sa.

Ranar Litinin suka koma Katsina su uku. Aka buga wasiƙar da Turanci, suka sake sa hannu a kan bugaggen, aka haɗa da ta Hausar. Suka ba mai yankan hatimi aiki a bakin kasuwa. Malam Sammani ya karanta komai sau biyu, ya gwada hannun Labaran da na Daudu da na tsohon kati, ya shiga wurin manaja ya daɗe. Da ya fito ya ce za su aika wa ofishin jami'in a tabbatar, su dawo bayan mako guda. Suka dawo. Aka ɗauko sabon kati, aka manna hoton Yero, wanda ya fito ido a zazzare kamar an kama shi da satar akuya. Akawu ya kama babban yatsansa ya danna a tawada.

"A hankali, Malam, da shi nake tatsa."

"Danna masa da kyau," in ji Labaran. "Yau dai an yi wa Bafillace shaida kamar saniya."

Ranar kasuwar Batsari suka sayi bijimai biyu, Yero ya buɗe bakinsu ya duba haƙora, ya ƙi uku kafin ya yarda da waɗannan. Garma kuwa Labaran ya zaɓa. Taro ya yanke cewa daga bana ƙuri'a za a riƙa jefawa a san gonar da za a fara, da wadda za a bi.

Ruwan shuka ya sauka da asubahin wata Laraba. Da gari ya waye Labaran ya ɗauki sungumi, don har ranar ba wanda ya sake ce masa komai, zuciyarsa kuma ta ɗan sa rai. Daga nesa ya hango mutane a jigawa. 'Ya'yan Alhaji ne su uku, suna sara suna jefa iri a cikin takin da ya kwasa. Babbansu ya gan shi, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba. Labaran ya tsaya har suka kai ƙarshen layi. Ya ɗaga murya ya ce masu gefen kudu yana riƙe ruwa, kada su sa gero a can, dawa ta fi. Ya saɓa sunguminsa ya juya.

Mai gari ya yanka masa wani fegi a bayan dutse, wurin da ba wanda ya taɓa so, tsakuwa da sabara. Ƙuri'a ta ba shi na goma sha tara. Wasu suka ce a sa shi farko saboda abin da ya rasa, ya ce in aka yi haka gara a mai da Alhaji. Shekarar nan abin da ya samu bai kai su watan azumi ba. Zinariya ta fara ƙuli-ƙuli, shi kuma ya riƙa bin kasuwanni har Safana da kayan ƙira a bayan keke. Ta ci gaba da zuwa gaida ubanta kowace Juma'a, shi ma in sun haɗu a hanya yana tuɓe takalmi ya durƙusa. Alhaji yakan amsa a taƙaice ya wuce. Gonar jigawa ba ta dawo ba, Labaran kuma bai taɓa aika kowa roƙo ba.

Ya yi shekara tara yana ma'aji. Sau biyu aka sake zaɓe a cikinsu, na biyun Yero ne ya faɗi. Ran nan tun kafin a yi fatiha Labaran ya zaro takarda, ya rubuta sunan abokinsa ɓaro-ɓaro a layin waɗanda za a cire, ya miƙa masa tawada.

"Ko kunyata ba ka ji ba, maƙeri?"

"Dangwala, Ɗan Fillo. Motar Katsina ba ta jira."